Yadda za ka sayi kaya ta intanet ba tare da adireshin gidanka ya bi gari ba

Wata rana na tsaya sayen sukari a wani shagon tireda, sai idona ya faɗa kan kwalin da mai shagon ya jera ƙullin omo a ciki. A jikin kwalin akwai farar takardar nan da kamfanonin aike ke mannawa, kuma daga inda nake tsaye na karanta cikakken sunan wata mata, da lambar wayarta, da sunan unguwarsu, da lambar gidan, har da kwatancen cewa gidan yana kallon wani masallaci kuma ƙofarsa kore ce. A ƙasa an rubuta abin da ke ciki, wato waya, da kuɗin da aka biya. Ban san matar ba, amma a cikin daƙiƙa goma na san inda take kwana, na san tana da sabuwar waya, na kuma san lambar da zan kira in ce mata ni ma'aikacin kamfanin da ya kawo kayan ne. Ita kuwa abin da kawai ta yi shi ne ta ciro wayarta ta ba yara kwalin su fitar.

Bayanan mai saye suna fita ne ta ƙofa uku: lokacin da yake cike fom ko yake tura wa mai sayarwa saƙo, da lokacin da kayan ke hanya suna wucewa daga hannu zuwa hannu, da kuma bayan an buɗe kayan an yar da kwali ko leda. Mutane sun fi damuwa da ta ƙarshe domin ita ake gani da ido, amma ta farko ce ta fi muhimmanci, saboda abin da ba ka rubuta ba babu wanda zai karanta shi a jikin kwali. Don haka da ita za a fara.

Abin da ya kamata ka fara tambayar kanka kafin ka danna sayen kaya shi ne ko lallai ne kayan su zo ƙofar gida. In ba firiji ba ne ko injin wanki ko wani abu mai nauyi, yawanci ba lallai ba ne. Manyan kasuwannin intanet irin su Jumia suna da wuraren karɓar kaya a garuruwa da dama, kuma a shafin biyan kuɗi za ka ga zaɓi biyu, ɗaya na kawowa gida, ɗaya kuma mai suna Pickup Station. Idan ka zaɓi na biyun, kayan suna tsayawa a shagon da ka zaɓa, a turo maka saƙo a waya, ka je da katin shaida ka karɓa, kuma sau da yawa kuɗin aiken ya fi na kawowa gida sauƙi. Kamfanonin aike irin su GIG Logistics ma suna da ofisoshin da ake ajiye kaya mutum ya je ya karɓa. Iyakar wannan hanya ita ce ba a ajiye kayan har abada. Akwai adadin kwanakin da ake ba mutum, in suka wuce sai a mayar wa mai sayarwa, saboda haka ka karanta saƙon da aka turo ka lura da ranar ƙarshe.

Idan babu irin wannan wuri kusa da kai, sai ka nemi adireshin da dama can na jama'a ne: wurin aikinka, ko shagonka a kasuwa, ko shagon wani ɗan'uwa da ka amince da shi. Sharaɗin shi ne ka nemi izinin mai wurin tukuna, domin ba daidai ba ne ka kare naka gidan ta hanyar baza adireshin gidan wani ba da saninsa ba. Shago ya fi gida dacewa da wannan aiki saboda kowa ya riga ya san inda yake, kuma akwai mutum a cikinsa tun safe har yamma. Akwatin gidan waya na NIPOST, ko wanda ake kira BP a Nijar, yana da amfani ga ƙananan kayan da ke zuwa daga ƙasashen waje ta gidan waya, amma kamfanonin aike masu zaman kansu galibi ba sa kai kaya akwatin gidan waya, suna neman adireshin da mutum zai iya zuwa ya sa hannu. Ka duba wace hanya mai sayarwa zai yi amfani da ita kafin ka rubuta lambar akwati.

Batun suna yana da ɗan sarƙaƙiya, kuma a nan ne wasu ke yi wa kansu illa da niyyar kare kansu. Wani zai rubuta sunan ƙarya gaba ɗaya, sai ranar karɓa a ce ya nuna kati, sunan ya ƙi yin daidai, a hana shi kayan da ya biya da kuɗinsa. Duk inda za a nemi kati, wato wuraren karɓar kaya da gidan waya da kayan da suka biyo ta kwastan, sunan da ke kan takarda dole ya dace da na katinka. Abin da za ka iya yi shi ne ragewa. Sunanka da na mahaifi sun isa, babu buƙatar ƙara suna na uku, kuma babu buƙatar Alhaji ko Hajiya ko Dakta ko sunan muƙaminka a wurin aiki, domin waɗannan ba sa taimaka wa mai kawo kaya da komai, sai dai su gaya wa mai karantawa irin gidan da ake kai kayan. Mace da ba ta son baƙo ya san sunanta tana iya sa sunan mijinta ko ɗan'uwanta a matsayin mai karɓa, muddin shi ne zai je da katinsa.

Lambar waya ce, a ganina, ta fi komai haɗari a jikin takardar, fiye ma da adireshin, kuma ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Dalili shi ne a Najeriya lambar waya ba lambar kira ba ce kawai. A manhajojin kuɗi irin su OPay da PalmPay, lambar asusun mutum yawanci lambar wayarsa ce da aka cire mata sifilin farko, saboda haka wanda ya ga lambarka a jikin kwali zai iya saka ta kamar zai tura maka kuɗi, nan take cikakken sunanka ya bayyana a fuskar wayarsa ba tare da ya tura ko kwabo ba. Idan ya ajiye lambar ya buɗe WhatsApp zai ga hotonka, in ba ka rufe shi ba, kuma manhajar Truecaller za ta nuna masa sunan da wasu suka ajiye ka da shi. Kenan daga lamba ɗaya an samu suna, an samu fuska, ga kuma adireshi a gefe.

Maganin wannan shi ne ka ware layi guda na sayayya. Kusan kowace waya yanzu tana ɗaukar layi biyu, sai ka sa ɗaya ya zama shi kaɗai kake ba masu sayarwa da masu kawo kaya, kada ka haɗa shi da banki, kada ka buɗe asusun kuɗi da shi, kada kuma ya zama shi ne ke karɓar lambobin sirri na shiga asusunka. Layin zai kasance da rajistarka da lambar NIN kamar yadda doka ta tanada, wannan ba matsala ba ce, domin ba daga hukuma kake ɓoyewa ba. Ka riƙa yin kira ko sa kati a kansa lokaci lokaci don kada kamfanin layi ya rufe shi ya sayar wa wani. Idan ba za ka iya riƙe layi biyu ba, to aƙalla ka shiga WhatsApp, ka bi Settings, sannan Privacy, ka mayar da Profile photo da About da Status zuwa My contacts. Wannan aikin minti ɗaya ne.

Yanzu sai kayan da dole su zo gida, ko unguwar da babu wata mafita. A nan al'adarmu ta kwatance ce ke jawo matsala. Da yake yawancin unguwanninmu ba a dogara da lambar gida, sai mutum ya cika gurbin adireshi da bayani: bayan makarantar Islamiyya, layi na biyu hannun dama, gida mai bene da baƙin get, a tambayi gidan wane. Duk wannan za a buga shi a takarda, ya wuce ta hannun mai ɗaure kaya, da mai lodi, da direba, da ma'aikatan ɗakin ajiya, kafin ya iso hannun wanda zai kawo. Abin da ya fi shi ne ka raba kwatancen gida biyu. A fom ka rubuta unguwa da babban titi da wata alama ta jama'a, kamar gidan mai ko asibiti ko masallacin Juma'a, sannan ka ƙara cewa a kira idan an iso. Sauran kwatancen kuma ka faɗe shi da baki a waya, ga mutum ɗaya, ranar da ya zo. Mafi kyau ma shi ne ka fito ka tare shi a wurin alamar in kayan masu ɗaukuwa ne. Idan aka nemi lambar gidan waya ta yanki, lambobi shida ne a Najeriya, kuma ta babban gari ta wadatar, misali 700001 ta Kano, wadda ba ta nuna unguwar kowa.

Masu kawo kaya a babur sun saba cewa a turo musu wuri ta WhatsApp. Idan za ka tura, ka sani akwai zaɓi biyu a wurin. Send your current location yana tura daidai inda kake tsaye, kuma yana zama a wayar mutumin har sai ya goge. Share live location kuwa yana nuna motsinka na minti 15 ko awa 1 ko awa 8. Dabarar ita ce kada ka tura ko ɗaya daga cikin ɗakinka. A ƙarƙashin taswirar akwai jerin wuraren da ke kusa, sai ka zaɓi gidan mai ko shagon da ke bakin titi ka tura wannan.

Sayayya daga masu sayarwa a Instagram da WhatsApp da TikTok ita ce ta fi yawa a tsakaninmu, kuma ita ce ba ta da wani tsari da ke kare mai saye, saboda haka bari mu bi misali guda daga farko har ƙarshe. A ce wata mata a Gusau ta ga atamfa turmi uku a wurin wata mai sayarwa a Kano, suka yi ciniki, ta biya. Mai sayarwa za ta ce a turo suna da lamba da adireshi. Kayan nan ba kamfani ne zai kawo su ba, tasha za a kai su a ba direba, abin da ake kira webil. Za a ɗaure su a leda ko buhu, a naɗe da salatif, a ɗauki maka a rubuta suna da lambar waya da manyan baƙaƙe, sannan su zauna a tasha a bainar jama'a har mota ta cika. To direban nan ba gida zai kai ba, a tashar Gusau zai tsaya ya kira. Adireshin gida ba shi da wani aiki a cikin wannan aike ko kaɗan, don haka abin da matar za ta tura shi ne suna ɗaya, da layin sayayya, da sunan gari. Idan mai sayarwa ta nace sai an ba ta adireshi, sai a tambaye ta cikin ladabi wa zai yi amfani da shi.

Kafin a kai kayan tasha akwai magana ɗaya da matar za ta faɗa, kuma ta faɗe ta tun kafin ta biya. Masu sayarwa da yawa suna jera kayan da suka ɗaure su ɗauki hoto ko bidiyo su ɗora, don mutane su ga cewa suna ciniki kuma ba 'yan damfara ba ne. Niyyar mai kyau ce, amma sunaye da lambobin masu saye suna fitowa tsaf a hoton, dubban mutane su gani. Haka ma rasit na banki da hoton hira da ake ɗorawa a matsayin shaida. Saƙo gajere ya isa: “Hajiya, don Allah kada a ɗora hoton kayana ko rasit ɗina da sunana da lambata a jiki, kuma kada a rubuta abin da ke ciki a bayan ledar.” Yawancin masu sayarwa za su yarda, domin ba su taɓa tunanin abin ba ne kawai. Bayan an ba direba, mai sayarwa za ta turo lambarsa da lambar motar. Matar ta ajiye wannan lamba, domin duk wanda ya kira da wata lamba daban ya ce shi ne direba kuma a tura masa kuɗin mota kafin ya iso, sai ta fara kiran lambar da aka ba ta ta tabbatar. Kuɗin webil ana biyansa ne hannu da hannu lokacin karɓa, ko kuma an riga an biya a Kano, kuma ya kamata a san wanne ne tun farko.

Wannan ya kawo mu ga yadda ake gane cewa bayani ya riga ya fita. Alamar da ta fi bayyana ita ce kira ko saƙo daga wanda ya san sunanka, ya san ka sayi kaya, wataƙila har ya san mene ne, sannan ya nemi ɗaya daga abu uku: ƙarin kuɗi na kwastan ko na ajiya a tura wani asusu na mutum, ko danna wani adireshin intanet don a gyara adireshinka, ko karanto masa lambar da aka turo maka a waya. Sanin da ya yi wa kayanka ba shaida ba ce cewa daga kamfani yake, domin duk abin da ya faɗa yana rubuce a jikin kwali. Ka kashe wayar, ka buɗe manhajar da ka yi sayayya a ciki ka duba matsayin kayan da kanka. Game da lambar sirri kuwa, wasu kamfanoni suna turo lambar tabbatar da karɓa, wadda ake ba mai kawowa bayan kaya sun shigo hannu an duba su, ba a waya ba kuma ba kafin nan ba. Ka karanta saƙon da lambar ta zo a ciki da kyau. In daga bankinka ne ko daga WhatsApp, to babu ruwansa da aike, kuma wanda ya nema so yake ya shiga asusunka.

Idan kaya suka iso, kafin ka ɗauki hoton murna ko na korafi, ka juya kwalin ta gefen da babu takarda. Rufe suna da yatsa bai isa ba, domin layukan nan baƙaƙe da murabba'in QR da ke jikin takardar suna ɗauke da lambar bibiyar kaya, wani lokaci har da ƙarin bayani, kuma ana iya karanta su daga hoto. Da lambar bibiya mutum zai iya shiga shafin kamfanin ya ga garin da kayan suka je da ranar da aka karɓa, a wasu shafukan har da sunan wanda ya sa hannu. Idan kana son shaida saboda mayar da kaya, ka ɗauki hoton takardar ka ajiye a wayarka, ka tura wa kamfanin kaɗai in sun nema. Kada kuma ka lalata takardar sai ka gwada kayan ka tabbatar ba za ka mayar ba.

Lalata takardar yana da nasa ilimi. Mafi yawan takardun da kamfanonin aike ke mannawa ba tawada ce a jikinsu ba, takarda ce mai sinadarin da ke yin baƙi idan zafi ya taɓa shi, irin ta rasit ɗin POS. Za ka gane ta idan ka karce ta da farce da sauri, sai ka ga baƙin layi ya fito. Saboda haka wasu ke kanga mata wuta ko dutsen guga har ta yi baƙi, wasu kuma su shafa mata man tsaftace hannu mai sinadarin barasa su goge. Duka biyun suna aiki, amma ba koyaushe suke gamawa ba: bayan zafi rubutun asali yakan fi sauran wurin duhu, bayan shafa mai kuma yakan dawo dishi-dishi idan takardar ta bushe. Shafe rubutu da baƙin maka shi ne mafi rauni, domin idan aka karkata takardar a hasken rana ko aka haska fitilar waya, rubutun yana ƙyalli daga ƙarƙashi. Takardar da aka buga da firinta ta ofis aka manne da salatif kuwa, zafi da mai ba sa yi mata komai.

Hanyar da na fi amincewa da ita ba ta buƙatar komai sai almakashi. Ka ɓare takardar, in ta ƙi ɓaruwa ka yanke wurin daga jikin kwalin ko ledar gaba ɗaya, sannan ka yayyanka ta ƙanana ta yadda lambar waya za ta rabu aƙalla gida uku, layukan baƙaƙen nan ma a yanka su ta tsaye da ta kwance. Gutsattsarin takarda a jiƙa su a ruwa a murje su su zama dunƙule, ko a jefa su a murhu in ba leda a jikinsu. Bayan ka ɓare, ka duba wurin, domin kayan da suka zo daga China ta AliExpress ko Temu sau da yawa suna da takarda biyu ko uku a manne ɗaya bisa ɗaya, ta can da ta kamfanin da ya karɓa a nan, kuma ta ƙasan ma tana ɗauke da sunanka. Ka kuma zazzage cikin kwalin, saboda akan saka rasit ko takardar jerin kaya a ciki, ko a cikin 'yar leda da aka manna a gefe. Ledar webil da aka rubuta da maka ita ma a yanke wurin rubutun. Sai bayan haka a ba yara kwalin, ko mai shago, ko 'yan jari bola. Ya kamata duk mutanen gida su san wannan, musamman wanda ke fitar da shara, domin shi ne mutum na ƙarshe da kwalin ke bi ta hannunsa.

Saura abin da ke ajiye a wurin kamfani. A cikin asusunka na kowace kasuwar intanet akwai wurin da ake ajiye adireshi, galibi mai suna Address Book, inda duk adireshin da ka taɓa sakawa yake nan, har da na gidan iyayenka da ka taɓa aika wa kaya. Ka shiga ka goge waɗanda ba ka buƙata, ka mayar da wurin karɓa ko shago ya zama shi ne na dindindin, don kada wata rana cikin gaggawa manhajar ta cike adireshin gida da kanta. Gogewar ba ta share tarihin tsofaffin sayayya daga rumbun kamfanin, amma tana rage abin da duk wanda ya samu shiga asusunka ko ya tsinci wayarka zai gani. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ba mutum haƙƙin ya tambayi kamfani irin bayanansa da yake riƙe da su, ya nemi a gyara ko a goge, ya kuma ƙi a yi amfani da su wajen turo masa talla. Ana yin wannan a rubuce, ta imel, a ajiye kwafi da kwanan wata. Kamfani na iya riƙe wasu bayanan ciniki da wata doka ta wajabta masa ajiyewa, amma idan ya yi biris da buƙatar gaba ɗaya, ana kai ƙara ga NDPC, hukumar kare bayanan jama'a da dokar ta kafa. Ga mai sayarwa ta WhatsApp kuwa, abin da ya fi saurin aiki shi ne ka roƙe ta ta goge saƙon da adireshin ke ciki bayan kaya sun iso, kai ma ka goge naka ta Delete for everyone tun lokacin da manhajar ta ba da dama bai wuce ba, wato cikin kimanin kwana biyu da turawa.